Masu cin bashi a shago ba su biya: yadda za ka karɓo abin da zai karɓu

Tambaya: Assalamu alaikum Alhaji. Ina da shagon kayan masarufi a cikin unguwa a Kano, jarina bai wuce naira miliyan ɗaya da rabi ba. Da na tattara lissafi sai na ga ina bin mutum 23 bashin naira 420,000. A ciki akwai wani ma'aikaci da nake bi 87,000, yanzu ya koma sayayya a wani shago da kuɗi hannu. Akwai ɗan yayan mahaifina, akwai kuma wata baiwar Allah da mijinta ya rasu. Kaya sun fara ƙarewa a kanta, ga shi ina jin nauyin mutane. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya warware maka, ya sa albarka a nemanka.

Tun da ka riga ka zauna ka tattara lissafi, bari mu ƙarasa shi tare, domin yawancin masu shago ba su san girman ramin da suke ciki ba. Kayan masarufi ribarsu siririya ce. Idan aka haɗa mai kauri da marar kauri, da wuya ta wuce naira 8 a kowace naira 100 ta ciniki, wannan ma kafin ka cire haya, kuɗin wuta, kuɗin dako da abincin yaron shago. To idan wannan 420,000 ta tafi gaba ɗaya, sai ka yi cinikin sama da naira miliyan 5 da kuɗi hannu kafin ribarsa ta cike gurbin. Bayan haka akwai asarar da ba a rubuta ta a littafi. Kuɗin shago irin naka yana iya juyawa sau biyu a wata, ka saro, ka sayar, ka koma Singa ka sake sarowa. Wanda ke hannun mutane kuwa ba ya juyawa, don haka kowane wata kana rasa ribar da ta haura 60,000 da zai kawo maka. Sannan ga tashin farashi. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin ɗari, wato wanda ya riƙe maka 100,000 shekara guda, ko ya biya cif, abin da za ta saro maka bai wuce kayan 75,000 na bara ba. Shi ya sa kake ganin kanta tana ramewa alhali kullum kana ciniki.

Abu na farko, daga yau duk wanda sunansa ke cikin wannan littafin kada ya ƙara karɓar ko ashana sai da kuɗi. Na san abin da zuciyarka za ta raya maka: idan na hana shi zai yi fushi, ya gudu da na baya. Wannan tsoron shi ne ya kai bashin ma'aikacin nan 87,000. Ba rana ɗaya ya ɗauke ta ba, mudu-mudu ya tara ta, kana ƙara masa don kada ka rasa na farko. Mai niyyar biya ba ya guduwa don an ce masa ya rage kafin ya ƙara. Wanda ya gudu saboda haka dama can a bakin ƙofa yake.

Sai ka ɗauki sabuwar takarda ka jera sunayen nan 23, kowa da abu uku a gabansa: nawa ake bin sa, yaushe ya fara, da kuma ranar da ya kawo wani abu na ƙarshe. Wannan na ukun ya fi sauran faɗa maka gaskiya. Mutumin da kake bi 40,000 amma makon jiya ya kawo 10,000, kwastoma ne mai rai, kada ka takura masa. Wanda kake bi 9,000 amma wata huɗu ko sisi bai kawo ba, shi ne matsala. A abin da na saba gani, bashin da ya wuce wata uku ba a taɓa shi ba, kowane wata da ya ƙaru yana ƙara nisa da aljihunka. Za ka kuma tarar cewa mutum huɗu ko biyar ne ke riƙe da fiye da rabin kuɗin. A kansu za ka sa ƙarfinka. Masu dubu biyu da dubu uku tunatarwa ta ishe su, kada ka rufe shago kana bin su gida-gida.

Daga nan sai ka raba wanda ba shi da shi da wanda ba ya son bayarwa, domin maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma addini ma bai haɗa su ba. Wanda babu ce ta hana shi, za ka ga bai daina biyowa ta ƙofar shagonka ba ko da kansa a sunkuye, yana gaishe ka, shi yake fara tayar da maganar kafin ka tayar, wani lokaci ya miƙo maka 1,500 yana ba da haƙuri. Ka duba gidansa za ka ga alamar babun: an rage cefane, an cire yaro daga makarantar kuɗi. Mai taurin bashi kuwa hanya yake sauyawa. Ka kira waya ba ya ɗauka, in ya ɗauka sai ya ba ka rana tsayayya, Juma'a bayan masallaci, Juma'ar ta zo ya ce ya tura kuɗin matsalar banki ce. In ka matsa sai ya riga ka fushi, ko kuma a ranar ne zai fara cewa lissafin bai yi daidai ba, alhali wata da watanni bai taɓa musu ba. Babbar alama kuwa ita ce wadda ka faɗa da bakinka: yana da kuɗin sayayya a wani shago. A kan irinsa ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mawadaci wajen biya zalunci ne. Saboda haka ka cire jin nauyin nan daga ranka, neman haƙƙinka a wurinsa ba rashin kunya ba ne.

Bari mu bi ta kan ma'aikacin nan daki-daki, don abin da za ka yi da shi shi za ka yi da sauran manyan.

Kada ka tare shi a gaban jama'a, kada kuma ka buga masa ƙofa da asuba iyalinsa na ji. Mutumin da aka kunyata ya riga ya biya da mutuncinsa, sai ya ga babu sauran abin da zai rasa, daga nan taurin kai ya shigo. Ka neme shi ku biyu, bayan la'asar ko bayan isha'i, da littafinka a hannu. A wannan zaman na farko ba dukan kuɗin ka je karɓa ba. Abin da ka je nema shi ne ya yarda da bakinsa cewa 87,000 ce. Ku bi littafin layi-layi: ranar kaza rabin buhun shinkafa, ranar kaza galan ɗin mai, ranar kaza yaro ya karɓi madara da sukari. In ya yi musun wani abu na dubu uku ko huɗu kuma ba ka da tabbaci, bar masa, kada ka tsaya jayayya a kan 4,000 ka rasa 83,000. Da zarar kun tsaya a kan adadi ɗaya, a rubuta. Ba sai an je wurin lauya ba, takarda ce mai sauƙi kamar haka:

"Ni wane ɗan wane, mazaunin unguwa kaza, na yarda wane mai shago yana bi na naira 87,000 kuɗin kayan da na karɓa. Na biya 15,000 yau. Ragowar 72,000 zan riƙa biyan 12,000 duk ranar da albashi ya shiga, har wata shida." Sai kwanan wata, sa hannunsa, lambar wayarsa, da sa hannun shaidu biyu.

In ya ce ai rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ta ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Ba ka fi Sahabbai yarda da juna ba, shi ma bai fi su ba.

Ka lura da abu biyu a cikin wannan tsarin. Na ɗaya, a karɓi wani abu a ranar, ko yaya yake. Wanda ya sa hannu bai ba da ko sisi ba, alkawari kawai ya ƙara maka a kan na da. Na biyu, kason wata-wata ya zama wanda zai iya ɗauka. Idan ka ce sai ya kawo 40,000 a wata alhali albashinsa bai fi 90,000 ba, zai amsa maka don ya rabu da kai, wata na farko ya kasa, kunya ta sa ya koma ɓuya. Gara 12,000 da ke shigowa da 40,000 da ke kan takarda. Kuma ka san ranar da ake biyan albashi a wurin aikinsa. Albashin ma'aikaci kwana biyu zuwa uku yake yi a hannunsa, mai haya na jira, mai makaranta na jira, mai adashi na jira, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Ran da ka ji abokan aikinsa sun ce an ga alat, a ranar za ka kira, ba washegari ba. In ya ce ya turo, kada ka yarda da hoton rasit da zai aiko maka, ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka.

Sannan ka jawo shi ya dawo da cinikinsa wurinka. Ka ce masa, "Malam, abin da ya wuce mun tsara shi, kada kunya ta sa ka kai kuɗinka wani wuri. Zo ka saya da kuɗi hannu, ba zan tayar maka da maganar a shago ba." Ka kuma cika wannan alkawarin. Yawancin masu guje wa shago tsoron a riƙe kuɗin cefanensu a ce an cire a bashi ne ke korar su. In ya dawo yana sayen kayan 50,000 a wata, ka samu ribar 4,000 da da maƙwabcinka ke ci, kuma kullum yana gabanka, bashin ba zai mutu ba.

Wataƙila ya ce ba shi da kuɗi amma yana da abu: buhun masara daga gona, tunkiya, tsohuwar waya, keken ɗinki. Karɓi, muddin da yardarsa ne, a samu mutum na uku da ya san farashin abin ya yi masa kuɗi, a rubuta an cire kaza. Haka kuma in ya ce zai kawo 75,000 a dunƙule yau ka yafe 12,000, ni dai zan karɓa, domin bashin da lokacinsa ya riga ya yi, sulhu a kan yafe wani sashe halal ne, kuma 75,000 da za ta shiga kasuwa gobe ta fi 87,000 da za ta shigo gutsi-gutsi cikin wata shida. Abin da ba za ka yi ba shi ne ƙara masa wani abu saboda jinkiri. Ko sau nawa ya saɓa alkawari, 87,000 ba ta zama 95,000, wannan riba ce ta haram, babu saɓani a kai.

Idan ya ƙi zama da kai sam, ko ya sa hannu ya saɓa sau biyu a jere ba tare da uzuri ba, to lokacin shigo da mutum na uku ya yi. Kada ka zaɓi wanda kai kake girmamawa, zaɓi wanda shi yake jin kunya: yayansa, limamin masallacin da yake salla, abokinsa na kusa, ko wanda ya fara kawo shi shagonka. Mutum ɗaya tak, a asirce. In wannan bai yi ba sai mai unguwa, wanda zai kira ku ya zaunar, kuma abin da aka yanke a gabansa ya zama shaida gobe. A Kano ofisoshin Hisba ma suna yin irin wannan sulhun. Mafi yawan bashin unguwa a nan yake ƙarewa, domin mutum zai iya jure kiran wayarka shekara guda, amma ba zai so mai unguwa ya aiko a kira shi sau biyu ba.

Akwai hanyoyi uku da zafin rai ke kai mutane, ina roƙonka ka kiyaye su. Kada ka kai shi wurin 'yan sanda. Bashin ciniki ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa, dokar 'yan sanda ta 2020 ta faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don rigimar da ba ta laifi ba. In aka tsare shi saboda kai, yana iya kai ƙarar take masa haƙƙi, kotu ta ɗora maka diyyar da ta ninka bashin. Inda hukuma ke da hurumi shi ne in akwai zamba a ciki, kamar wanda ya nuna maka alat na bogi ya kwashi kaya, ko ya ba ka cekin banki ya san babu kuɗi a asusun. Kada kuma ka ƙwace masa babur ko waya da ƙarfi, ko ka tura masa matasan unguwa. Da ka yi haka kai ka koma mai laifi, shi ya koma mai ƙara. Na uku, kada ka sa hotonsa ko sunansa a Facebook ko a zaurukan WhatsApp kana kiran sa ɓarawo. Ƙarar ɓata suna za ta biyo baya, sauran kwastomominka kuma za su ga abin da kake iya yi wa mutum.

Kotu ita ce matakin ƙarshe, kuma ba abin tsoro ba ce kamar yadda ake ɗauka. Kana iya zuwa kotun shari'ar Musulunci ta yankinku. Ƙa'idar can sananniya ce: hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa kuma a kan wanda ya musanta. Ma'ana in ka je hannu rabbana, ba shaida ba takarda, ya ce ba ka bin sa komai, za a ba shi rantsuwa, in ya rantse magana ta ƙare a nan duniya. Littafin shagonka shi kaɗai ba ya da ƙarfi sosai, tun da kai ka rubuta da hannunka. Ka ga amfanin takardar can da shaidu biyu. In kuwa ya ƙi sa hannu a komai, ga dabara mai sauƙi: tura masa saƙo a waya, "Salam Malam, ina tuna maka ragowar kuɗin kaya naira 87,000, yaushe zan sa rai?" In ya amsa da "ka yi haƙuri sai ƙarshen wata", ya amsa bashin ke nan kuma bai musa adadin ba. Adana saƙon, kada ka goge, kada ka sayar da wayar.

Akwai kuma kotun ƙananan ƙararraki da aka buɗe a Kano a 2019 a cikin kotunan majistare, musamman don irin wannan bashin. Ba dole sai da lauya ba. Ana farawa da takardar neman biya da za a kai wa wanda ake bi a ba shi kwana 14, in bai biya ba a shigar da ƙara, kuma an tsara a gama shari'ar cikin kwana 60. Sau da yawa takardar nan mai hatimin kotu kaɗai ke fito da kuɗin. Amma ka san cewa hukunci daban, kuɗi a hannu daban. Alƙali na iya yanke masa biya kaɗan-kaɗan, kuma in ya ƙi sai ka koma ka nemi a zartar da hukuncin a kan kayansa ko asusunsa na banki. Ka lissafa kuɗin shigar da ƙara, kuɗin mota da ranakun da za ka bar shago. A ganina bashin 87,000 a hannun mai albashi ya cancanci wannan wahalar, na 15,000 kuwa bai cancanta ba.

Ita baiwar Allah da mijinta ya rasu, hukuncinta na cikin aya ta 280 ta Suratul Baƙara: in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, in kuma aka yafe ya fi alheri. Duba abin da kake bin ta. In za ka iya ɗauka, ka yafe, kuma ka gaya mata da baki cewa ka yafe, don ta daina kwana da shi a rai, ta daina zagaye shagonka. In ya yi maka yawa, yafe rabi, sauran ta riƙa kawo abin da ya sawwaƙa ba tare da wa'adi ba. Sai dai kada ka lissafa abin da ka yafe a matsayin zakkarka, mafi yawan malamai ba su yarda da haka ba. Daga yanzu kuma in ta zo, abin da za ka iya ba ta kyauta ka ba ta, mudun gari ko na shinkafa, ka san sadaka ka yi. Kada ka rubuta a littafin bashi abin da ka san ba zai dawo ba, yana ruɗa maka lissafi, ita kuma yana ɗaure ta. Ka bincika kuma ko bashin tun mijin na da rai aka ci shi da sunansa. In haka ne, a kan dukiyar da ya bari yake, kuma ana fitar da bashi kafin wasiyya da rabon gado. Shi ya sa ake shela a wurin jana'iza cewa duk mai bin mamaci ya zo ya faɗa. Jin nauyi kan sa masu shago su yi shiru, sai an raba gado su zo suna ƙorafi. In irin haka ta faru, bayan kwanakin zaman makoki ka samu babban gidan a keɓe ka nuna masa littafi, ko dai a biya ko ka yafe da saninka. Sauke wa mamacin nauyi ne.

Na ɗan'uwanka ya fi kowanne wuya, kuma ba zan ce ka kai shi ko'ina ba. Ka same shi ka gaya masa gaskiyar halin da shagon ke ciki, da lissafi, domin dangi da yawa gani suke mai shago ba ya rasawa. In bai motsa ba ka gaya wa babba ɗaya a gidan, ba taron dangi ba. Abin da ya fito ka karɓa, wanda bai fito ba ka ɗauke shi a matsayin kuɗin zumunci, ka rufe masa littafi har abada. Gobe in ya zo neman kayan 20,000 bashi, ba shi na 3,000 kyauta ka ce abin da ya sawwaƙa ke nan. Ya fi maka arha, kuma za ku ci gaba da gaisawa.

Ba zan ce ka daina ba da bashi kwata-kwata ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shagon unguwa da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, mutane za su wuce shi su tafi na gaba. Allon nan da ake rubuta "ba bashi" a kai bai taɓa hana kowa tambaya ba. Abin da ke aiki shi ne iyaka da kai kanka ka sani. Ni ƙa'idar da nake ba masu shago ita ce duk bashin da ke waje kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na jari, wato 150,000 a wurinka. In ya cika, babu wanda zai karɓa sai wani ya kawo. Kowane mutum kuma da tasa iyakar, gwargwadon abin da ka san yana samu, kuma ba a ɗora sabo a kan tsoho: mai albashi ya share na watan jiya kafin a buɗe na wannan watan, mai sana'ar yini kuwa wa'adinsa mako ne, ba wata ba.

Ka kula da wani salo da ya cinye shaguna da yawa. Mutum zai karɓi kayan 5,000 ya biya kafin lokaci, ya karɓi na 10,000 ya biya har da godiya, sai a karo na uku ko na huɗu ya ce biki ya taso ko baƙi sun zo, a ba shi na 70,000. Biyan ƙananan bai nuna zai iya biyan babba ba. Duk wanda ya nemi ya tsallake iyakarsa da yawa haka, ya kawo wanda zai tsaya masa, mutumin da ka sani wanda zai ce da bakinsa in bai biya ba ni zan biya, ko ya ajiye jingina. Jingina ba cin fuska ba ce, aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta ambace ta, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Sai dai abin jingina amana ne a hannunka, ba a hawansa, ba a amfani da shi.

Ba kowane kaya ake bayarwa bashi ba. Buhun shinkafa, buhun sukari, jarkar mai da katin waya suna cin jari mai yawa, ribarsu kuma 'yar kaɗan ce, waɗannan kuɗi hannu ne ko a bar su. In za ka ɗaga ƙafa, ka ɗaga a kan ƙananan kayan awo masu ɗan kauri. Ya halatta kuma farashin bashi ya ɗara na kuɗi hannu a wurin mafi yawan malamai, da sharaɗin a tsayar da farashi ɗaya da wa'adi ɗaya tun a wurin ciniki, kuma kada ya ƙaru daga baya.

Sauran ɓarakar daga cikin shago take. Yaro ya zo ya ce "Baba ya ce a ba ni kaza", ka bayar, ƙarshen wata uban ya ce bai aiko ba. Ka kira uban a waya kafin kayan su fita, ko kuma tun farko ku yi yarjejeniya a kan wanda aka yarda ya karɓa da sunansa. Haka matar gida da ke karɓa da sunan miji, ka tabbatar mijin ya sani. Yaron shagonka kuwa kada ya ba kowa bashi in ba ka nan, ko waye, domin abokansa da 'yan'uwansa ba sa shiga littafi. Kowane mai bashi ya samu shafinsa, a rubuta a gabansa lokacin da yake karɓa, a faɗa masa jimilla da baki, "yanzu ya zama 11,400", don kada adadin ya zo masa a ba-zata ranar biya.

Wajen hanawa kuma ba sai ka yi ƙarya ko ka ɗaure fuska ba. In kai ma a kan amana kake karɓo wasu kayan daga dila, faɗi hakan: "Wallahi Malam kayan nan ranar Asabar zan kai kuɗinsu, in ban kai ba ba za a sake ba ni ba." In littafi ya cika ka ce ya cika, sai wani ya kawo. Mutane sun fi karɓar ƙa'idar da ta hau kan kowa fiye da hanin da suke ganin su kaɗai aka yi wa.

Ka ba wannan aikin wata uku. Abin da ya rage bayan nan wanda babu takarda, babu shaida, mai shi kuma ya ɓace ko ya tashi daga unguwar, ka cire shi daga lissafin jarinka, ka mayar da sunayen wani littafi daban ka ajiye a gida. Ba yafewa ka yi ba, in ya zo ka karɓa, amma sarinka da cefanen gidanka su tsaya a kan kuɗin da ke hannunka da kayan da ke kanta kawai. Duk abin da aka karɓo daga tsohon bashi kuma kada ya shiga aljihu, a haɗa shi da kuɗin sari na wannan makon, a fara cike kayan da suka fi saurin fita.